Kuɗin Mai Hoton Biki: Yadda Ake Lissafin Awa, Gyara, Hanya da Albam

Idan hidimar biki ta taso a Kano, Kaduna ko Zariya, akwai cinikin da kan ɗauki lokaci fiye da na mai girki ko mai kwalliya, wato cinikin mai hoto. Yayar amarya za ta kira waya ta ce, "Malam, nawa za ka yi mana hoton biki?" Shi kuma ya amsa da tambayoyi: taro nawa za a yi, a ina, ƙarfe nawa za a fara, albam nawa ake so. Sau da yawa mai kiran takan ɗauka jan rai ne. Alhali kuwa mai hoton da ya yanke kuɗi kafin ya ji amsar waɗannan tambayoyi, ko dai shi ya cutu, ko kuma masu bikin su karɓi aikin da bai gamsar da su ba.

Dalilin saɓanin a fili yake. Masu biki suna ganin mai hoto ne kawai a lokacin da yake tsaye da kyamara a wuya, yana ce wa ƙawayen amarya su matso. Aikin da ya fi cin lokaci kuwa ana yin sa ne bayan kowa ya watse, a gaban kwamfuta, da kuma a kan hanya. Mai hoton da ya iya sana'arsa yana gina farashinsa a kan abubuwa huɗu: awannin da ya tsaya a wajen taro, awannin gyaran hotuna, tafiya, da albam. Kafin ya kai ga ko ɗaya daga cikinsu, sai ya fara sanin nawa awa guda ta aikinsa take.

Lissafin ba shi da wuya, ko da yake masu hoto da yawa ba su taɓa zama sun yi shi ba. A ɗauki misalin wani mai hoto a Kano, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin fahimta, domin farashin gaskiya yana bambanta daga gari zuwa gari, kuma yana canzawa kusan kowane wata. A ce gidansa na buƙatar naira 300,000 a wata. A ce kuma sana'ar da kanta tana cin naira 180,000: hayar shago, kuɗin wuta, man janareta, data, kuɗin manhajar gyara irin su Lightroom da Photoshop da ake biya wata-wata, da ɗan abin da yake ajiyewa don sayen batir, katin memori da fitilu. Jimilla naira 480,000 ke nan dole ta shigo kowane wata.

Sai a raba wannan kuɗi da awannin da ake biyan sa a kansu. A nan ne mutane kan yi kuskure, su lissafa da awa takwas a kullum. Mai hoto ba ya samun biki kullum. Bukukuwa sukan cunkushe ne gabanin azumi, da bayan salla, da ƙarshen shekara, a watan Ramadan kuwa kasuwa takan yi sanyi sosai. Ga kuma lokacin da ke tafiya wajen amsa waya, ganawa da masu biki da bin bashi, wanda ba wanda ke biya. Idan aka daidaita shekara gaba ɗaya aka ce yana samun awa 96 ta aikin biya a wata, to awarsa ta kama naira 5,000. Daga cikin wannan, naira 1,875 ta shago ce, ba ta shiga aljihunsa ko kaɗan.

Yanzu a kawo bikin. An zo masa da taro uku a cikin Kano: kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure ranar Juma'a, dina ranar Asabar. Ranar Lahadi kuma za a kai amarya Katsina, kuma ana so ya bi.

Katin gayyata ya ce kamu ƙarfe huɗu ne. Amma hoton da amarya ta fi so shi ne wanda aka ɗauka tana gama kwalliya, kafin zufa da hayaniya su taɓa fuskar, ga lalle yana nan da sabuntarsa. Don haka ƙarfe biyu yana gidan, ya duba ɗakin da ya fi haske, ya kafa fitilarsa, ya ɗauki takalmi da sarƙa da hannayen da aka zana. Taron da aka ce ƙarfe huɗu ba kasafai yake farawa a kan lokaci ba, kuma ba zai bar wajen ba sai wajen ƙarfe takwas. Awa shida ke nan. Ɗaurin aure shi kansa 'yan mintuna ne: waliyyi da wakili su yi magana, a ambaci sadaki, a yi addu'a, a shafa. Amma mai hoto ya fara daga gidan ango tun sha biyu, ya bi su masallaci, ya kutsa cikin cunkoso don kada wannan 'yan mintuna su wuce shi, sannan ya tsaya hotunan gaisuwa da abokai da iyaye har la'asar. Awa huɗu. Dina kuma daga biyar na yamma zuwa sha ɗaya na dare, wata awa shida. An samu awa 16, wato naira 80,000.

Jira ma aiki ne, kuma nan ne rigima ta fi tashi. Idan amarya ta makara awa biyu a wajen kwalliya, mai hoto yana zaune ba ya ɗaukar komai, amma ba zai iya tafiya wani aikin ba. Shi ya sa masu tsari suke lissafi daga lokacin da aka ce su iso zuwa lokacin da aka sallame su, kuma suke faɗin kuɗin ƙarin awa tun kafin ranar. Wanda bai faɗa ba zai tsinci kansa ƙarfe ɗaya na dare ana ce masa, "Haba Malam, ɗan tsaya mana a yanka kek," kuma kunya ba za ta bar shi ya yi maganar kuɗi a gaban jama'a ba.

Akwai kuɗi biyu da ke tafiya tare da waɗannan awanni. Na farko na mataimaki ne, yaron da ke riƙe fitila, yana tsaron jaka, yana tattaro dangin da za su shiga hoto. A ce naira 10,000 a kowane taro, 30,000 ke nan. Wasu gidajen kuma ba sa yarda namiji ya shiga taron mata, sai an nemo mace mai ɗaukar hoto don kamu ko yinin biki, ita ma da nata kuɗin.

Na biyu shi ne abin da kyamara ke ci a jikinta. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma yana da iyakar rayuwa. Kamfanin Canon, alal misali, ya ƙiyasta wa kyamararsa EOS 5D Mark IV, wadda ta fito a 2016 kuma masu hoton biki suka yi ta amfani da ita, dannawa 150,000. Wata takan wuce haka, wata ba ta kaiwa. Idan mai hoto ya sayi kyamara irin wannan a kan naira miliyan ɗaya da rabi, kowace dannawa ta ci naira 10. Bikin da aka danna sau 2,400 ya cinye naira 24,000 daga rayuwar kyamarar, ko da ba a ga alamar komai a jikinta ba. Kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su da dala sun yi tsada, ta yadda kuɗin da aka sayi kyamara da shi a da ba zai sayo madadinta a yau ba. Mai hankali yana lissafi ne da farashin wadda zai saya nan gaba.

Sai babban aikin, wanda masu biki ba sa gani.

Ƙwararren mai hoto ba ya ɗauka a tsarin da waya ke ɗauka. Yana ɗauka ne a tsarin da ake kira RAW, wanda ke adana duk bayanin hasken da ya shiga kyamara. Hoton RAW yakan fito a dushe, ba armashi, kuma yana da nauyi: ɗaya kan kai megabait 30 zuwa 40 a irin waccan kyamara, don haka hotuna 2,400 sukan kai kimanin gigabait 80. Amfaninsa shi ne ana iya ceto abin da haske ya ɓata. Kamar yadi ne da aka kai wa tela, sai an yanka an ɗinka kafin ya zama riga.

Matakin farko shi ne kwashe hotunan daga kati zuwa kwamfuta, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani ma'aji daban, domin kati kan lalace, kuma ba a sake ɗaurin aure don mai hoto ya yi asarar aikinsa. Wannan kan ci awa guda. Sai tantancewa. Duk hoton rukuni an ɗauke shi sau biyar ko shida, saboda a kowanne akwai wanda ya rufe ido ko ya juya kai, kuma dole a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a zaɓi mai kyau. Tace hotuna 2,400 su koma 400 yana cin kamar awa uku ga wanda hannunsa ya faɗa.

Daga nan sai daidaita haske da launi a kan kowane ɗaya daga cikin 400 ɗin. Duk wanda ya halarci dina a manyan ɗakunan taro ya san fitilun nan masu canza launi, shuɗi, ja, ruwan hoda. Ido yana jin daɗinsu, amma a hoto sukan mai da fuskar amarya shuɗiya, farar shaddar ango kuma ta koma wani launi daban. Akwai kuma matsalar da masu hoto a ƙasar Hausa suka fi kowa sani: baƙin mutum sanye da farar babbar riga a tsakar rana bayan sallar Juma'a. Idan aka daidaita kyamara don fuska ta fito, rigar takan ƙone ta zama fari fat, aikin zaren da aka biya kuɗi mai yawa a kansa ya ɓace. Idan aka daidaita don rigar, fuska ta yi duhu. A kwamfuta ake sasanta su, a rage hasken riga har aikin wuya ya bayyana, a ɗaga na fuska ba tare da an canza wa mutum launin fatarsa ba. Idan kowane hoto ya ci minti ɗaya da rabi, an tafi awa goma.

Mataki na ƙarshe shi ne gyara na musamman, wanda ake yi wa zaɓaɓɓun hotuna kawai, waɗanda za a sa a bango ko a shafukan farko na albam. A nan ake cire ƙurji, a kwantar da gashin da ya leƙo daga ƙarƙashin ɗaurin kai, a goge wayar lantarki ko ledar ruwan da ta shigo bayan amarya. Hoto ɗaya kan ci minti 20, wani ma fiye. Talatin daga cikinsu awa goma ne. A ƙara awa guda ta fitar da hotuna da tura su. Gyara ya tashi awa 25, wato naira 125,000, fiye da kuɗin tsayuwa a wajen taron gaba ɗaya.

Wannan shi ya sa tambayar "hoto nawa za a gyara?" ta fi "hoto nawa za a ɗauka?" muhimmanci a wajen ciniki. Amaryar da ta ce a yi wa duka 400 gyara na musamman ta nemi aikin sama da awa 130, ko da ba ta sani ba. Mai hoton da ya amsa hakan a kan kuɗi kaɗan, abin da zai yi shi ne ya shafa wa dukkansu gyara iri ɗaya a lokaci guda. Ana gane irin wannan aiki da sauƙi: fata ta yi sumul kamar roba, babu ko ɗigon rami a fuska, wuya da hannu sun fi fuska duhu, kuma farar riga a wani hoton ta yi shuɗi-shuɗi, a na kusa da shi ta yi rawaya. Mai neman mai hoto ya fi dacewa ya ce a nuna masa biki guda cikakke, daga farko har ƙarshe, maimakon hotuna goma da aka zaɓa don talla.

Tafiyar Katsina tana da nata lissafin. Daga Kano kimanin kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha lita 34, kuma idan aka sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 34,000 ke nan. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kuma masu hoto da yawa sukan haɗiye kuɗin mai a cikin ciniki ba tare da sun ambata ba. Yanzu wannan ba ya yiwuwa.

Mai ba shi ne kaɗai kuɗin hanya ba. Ayarin kai amarya ba ya gudu, ga tsaye-tsaye, don haka a sa awa uku zuwa, uku dawowa. Wasu masu hoto suna cajin rabin kuɗin awa a kan lokacin hanya, tunda ba ɗauka suke yi ba amma ranar ta tafi, wato naira 15,000. A can zai yi aikin awa uku, 15,000, hotunan da ya ɗauko kuma su ci wata awa uku ta gyara, 15,000. Tafiyar ta tsaya a naira 79,000. Idan hidima ta kai dare, kuɗin masauki ya shigo, kuma bai kamata a matsa wa kowa ya kama hanya da dare da kayan miliyoyi a mota don a tsimi kuɗin ɗaki ba. Idan masu biki suka ce ya shiga motarsu, kuɗin mai ya fita daga lissafi, amma awannin hanya suna nan, kuma ya kamata a yi maganar yadda zai dawo, domin motocin da suka kai amarya ba lallai su juyo a ranar ba.

Albam yana da kuɗi iri biyu a cikinsa, kuma wanda ya raba su ya fahimci dalilin da na biyu ya fi na farko sauƙi. Akwai tsarawa, akwai bugawa. Tsarawa aikin mai hoto ne: ya zaɓi hotunan da za su shiga, ya jera su yadda labarin bikin zai tafi daga kamu zuwa ɗakin amarya, ya tabbatar tsakiyar shafi ba ta raba fuskar kowa biyu ba, ya tura wa masu biki su duba, su ce a cire wannan a sa wancan. A ce awa biyar, naira 25,000. Bugawa kuma kuɗin maɗaba'a ne, ya danganta da girman albam, yawan shafuka, kaurin takarda da irin bango. A ce naira 60,000. Albam na farko ya kama 85,000.

Idan mahaifiyar amarya ta ce ita ma tana son nata, iri ɗaya sak, an riga an gama tsarawa. Abin da ya rage shi ne kuɗin bugawa da awa guda ta kaiwa, dubawa da karɓowa, wato 65,000. Amma idan gidan ango suka ce a nasu a rage hotunan kamu a ƙara na ɗaurin aure da danginsu, wannan sabon albam ne, kuma kuɗin tsarawa ya dawo. Nan ma ana yawan samun saɓani, domin a wajen masu biki "ƙarin albam" abu ɗaya ne.

Wasu kan ce za su karɓi hotuna ta WhatsApp su kai a buga musu da kansu. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka shafi mai faɗin inci 12 yana buƙatar hoto mai ɗigo 3,600 a faɗinsa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a yadda aka saba turawa, manhajar takan matse shi ya koma ƙasa da rabin haka. A waya yana da kyau, amma a babban shafi sai ya fito a dushe, gefunan fuska su farfashe. Wanda yake son bugawa da kansa sai ya nemi a ba shi cikakkun hotunan a filas, kuma ya tambaya tun farko ko wannan yana cikin ciniki.

Idan aka tara komai na wannan biki, tsayuwa, gyara, mataimaki, kyamara, tafiya da albam biyu, an samu naira 488,000. A ce da mai hoton nan ya amsa wayar farko da "ku kawo dubu ɗari uku, duka," kamar yadda ake yi kullum. Kuɗin da zai fita daga hannunsa kai tsaye, na mataimaki, mai, bugun albam biyu da rabon kyamara, naira 208,000 ne. Saura 92,000, a kan aikin awa 59. Awarsa ta koma ƙasa da naira 1,600, ba ta ma kai 1,875 da shago ke ci ba. A ranar da aka biya shi zai ji kamar ya samu kuɗi, ƙarshen wata kuma ya rasa inda suka shiga. Daga nan ne ake samun mai hoton da ya karɓi biki uku a mako guda don ya cike giɓi, hotunan amarya su yi wata huɗu ba su fito ba, ya fara ƙin ɗaga waya.

Wannan lissafi yana amfanar masu biki kamar yadda yake amfanar mai hoto, domin yana nuna musu inda za su rage idan kuɗi bai kai ba. Gidan da ke da naira 300,000 za su iya cewa a bar tafiyar Katsina, wani a can ya ɗauka, 79,000 ta fita. A ɗage albam na biyu zuwa bayan biki, 65,000 ta fita. A rage gyara na musamman daga hoto 30 zuwa 15, an sauke 25,000. A ce mai hoto ya zo dina ƙarfe bakwai maimakon biyar, wata 10,000. An dawo 309,000, kuma ingancin abin da za a karɓa bai taɓu ba. Wannan ya fi a matsa masa ya yi duka a rabin kuɗi.

Abin da aka amince a kai sai a rubuta, ko da a saƙon waya ne: ranaku da wuraren taro, lokacin isowa da na tashi, kuɗin ƙarin awa, yawan hotunan da za a bayar da waɗanda za a yi wa gyara na musamman, wanda zai ɗauki nauyin mota da masauki, da ranar da za a miƙa aiki. Kafin alƙalami ya kamata ya kai aƙalla kuɗin da mai hoto zai kashe daga aljihunsa kafin biki ya ƙare, domin daga ranar da ya karɓa ya rufe waɗannan ranaku ga duk wani mai nema. Farashin ƙarin albam kuma a sa masa wa'adi, wata uku alal misali, saboda takarda da tawadar bugu daga waje ake shigo da su, kuma kuɗin da maɗaba'a ta faɗa a watan biki ba lallai ya tsaya ba idan gwaggon amarya ta zo neman nata bayan shekara guda. A kuma faɗi tsawon lokacin da mai hoto zai ci gaba da ajiye hotunan, tunda gigabait 80 na kowane biki yana cika ma'aji da sauri, kuma sabon ma'aji shi ma da kuɗi ake sayen sa.